“Ai yana da inshora” ba ta wanke wanda ya yi ɓarna

Akwai wata magana da ake yawan ji a bakin titi bayan mota ta daki mota. Idan ƙura ta lafa, aka tabbatar babu wanda ya ji ciwo, sai wani daga cikin masu shiga tsakani ya tambayi wanda aka yi wa ɓarna ko yana da cikakkiyar inshora. Da zarar ya ce yana da ita, sai ka ga fuskoki sun saki. A ce masa, to Alhaji magana ta ƙare, kamfani zai gyara maka, ka yafe wa bawan Allahn nan ya tafi. Wani lokaci ma har takarda ake rubutawa a ofishin 'yan sanda, kowa ya sa hannu cewa an sasanta, babu mai bin wani bashi.

Ina ganin wannan magana kuskure ce ta fuskar doka, kuskure ce kuma ta fuskar adalci, duk da rigar tausayin da ake sanya mata. Mai motar da ya sa hannu a wannan takarda, sannan ya wuce kamfaninsa ya karɓi kuɗin gyara, ya yi kyauta da abin da ba shi kaɗai ke da shi ba. Ranar da kamfanin ya gano, shi za a waiwaya.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan duka, wadda lauyoyi ke kira sabrogeshan, ni kuwa zan kira ta maye gurbi, ba ta da wuyar faɗa. Idan kamfanin inshora ya biya ka asarar da wani ya jawo maka, kamfanin yana shiga gurbinka, ya bi wancan mutumin da irin haƙƙin da kake da shi a kansa, har ya dawo da abin da ya biya. Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna jin wannan sai su ce zari ne. Kamfani ya karɓi kuɗin inshora shekara da shekaru, ranar biya ta zo ya biya, sannan ya zagaya ya karɓo kuɗinsa daga wani talaka. Ashe bai yi asarar komai ba ke nan? Tambaya ce mai ma'ana, amma mai yin ta bai ƙarasa lissafin ba.

Mu ƙaddara wata likita ce a Kano take tsaye a danja a kan Titin Zariya, wani ɗan kasuwa ya taho da jif ɗinsa yana duba waya, ya dake ta ta baya. Gareji ya yi kiyasin gyara, mai tantance ɓarna na kamfanin inshora ya duba ya amince da naira 4,000,000. A yarjejeniyar likitar akwai sharaɗin cewa ita za ta ɗauki naira 200,000 na farko a kowane haɗari, abin da 'yan inshora ke kira ekses. Saboda haka kamfani ya biya naira 3,800,000.

Yanzu mota ta gyaru. Amma haƙƙin da doka ta bai wa likitar a kan ɗan kasuwan, saboda sakacinsa, yana nan bai mutu ba, domin shi bai biya ko kwabo ba. Wa zai ci wannan haƙƙi? Idan aka bar wa likitar shi, za ta karɓi miliyan huɗu daga ɗan kasuwa ta ɗora a kan abin da kamfani ya ba ta, ta fita daga haɗarin da ribar kusan miliyan huɗu. Duk tsarin da ya sa haɗari ya zama hanyar samun riba, gayyata ce ga masu ƙirƙirar haɗari da masu cinna wa shagunansu wuta. Idan kuma aka ce haƙƙin ya faɗi tunda an gyara motar, to ɗan kasuwan ne ya ci moriyar kuɗin da likitar ta yi shekaru tana zubawa. Ita ta yi tanadi, shi ya yi ganganci, kuma shi ya tashi da ribar tanadinta. Wanda ya ƙi waɗannan biyu, dole ya yarda da abin da ya rage, wato haƙƙin ya koma hannun wanda ya fitar da kuɗin. Masu cewa zari ne ba su taɓa gaya mana wanne daga cikin biyun farko suka zaɓa ba.

Sannan kalmar “kamfani” tana ɓoye wani abu. Kuɗin da aka biya likitar daga asusun da dubban masu motoci suka tara ya fito. Idan asusun ya ɗauki asarar da ɗan kasuwa ya kamata ya ɗauka, malamin makarantar da bai taɓa dakan kowa ba shi ma ya biya wani kaso. A tsarin takaful abin ya fi fitowa fili, tunda asusun biyan asara na mahalarta ne, kamfanin kuwa wakili ne mai kula da shi. Wanda ya yafe wa mai ɓarna bayan ya karɓa daga wannan asusu, da dukiyar 'yan'uwansa mahalarta ya yi alheri, ba tare da ya tambaye su ba.

Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta babin lamuni a fiƙihu ya san cewa idan ka tsaya wa mutum a kan bashi, ya kasa biya, ka biya a madadinsa, kana da damar komawa kansa ka karɓi abin da ka biya. Ba wanda ke cewa mai lamunin ya yi zari. Akwai bambanci, domin kamfanin inshora bai tsaya wa mai ɓarna ba, bai ma san shi ba. Amma jijiyar ɗaya ce: biyan da wani ya yi don ya ceci wanda aka cuta bai sauke nauyi daga wuyan wanda nauyin yake kansa tun asali ba.

Ita dai ƙa'idar a siffar da kotunanmu suka san ta, daga dokar Ingila muka gaje ta, kuma a can ta girma. A watan Yuni na 1780 an yi tarzoma a Landan, wadda tarihi ya sani da tarzomar Gordon, aka rusa gidaje aka ƙona wasu. Dokar lokacin ta ɗora wa gundumar da aka yi tarzoma a cikinta alhakin biyan diyyar gidajen da aka rusa. Wani mai gida ya karɓi kuɗi daga masu inshorarsa, su kuma suka kai gundumar ƙara da sunansa. Gundumar ta kawo hujjar da muke ji a bakin titi yau, cewa ai an riga an biya shi. A shari'ar Mason da Sainsbury ta 1782, Lord Mansfield ya yi watsi da wannan hujja, ya ce gundumar ce ke da alhakin farko, kuma ba za ta fake da inshorar da wani ya saya ba. Hujjar masu sasanci a bakin titi ta haura shekara ɗari biyu da arba'in da faɗuwa a kotu.

Shari'ar da ta kafa ɗaya ƙafar ƙa'idar kuwa babu mai laifi a cikinta sam. A Liverpool, Preston ya ƙulla cinikin sayar da gida a kan fam 3,100. Kafin a kammala cinikin gobara ta taɓa gidan, kamfanin inshora ya biya shi fam 330. Daga baya mai saye ya biya cikakken farashi ba tare da ya rage komai ba, domin a dokar lokacin asarar tana kan mai saye tun daga ranar ƙulla ciniki. Kamfanin ya nemi a dawo masa da fam 330, kuma a 1883 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila, a shari'ar Castellain da Preston, ta ba shi gaskiya. Dalilinta shi ne inshorar dukiya alkawarin mayar da mutum inda yake ne kafin asara, ba ƙari ba ragi. Preston bai yi asarar komai ba tunda an biya shi kuɗin gidan cif, don haka ba shi da hujjar riƙe kuɗin gobara. Daga nan ake gane cewa maye gurbi yana da fuska biyu. Kamfani na iya bin mai ɓarna da sunanka, kuma yana iya bin ka kai kanka idan wani kuɗi ya shigo hannunka wanda ya rage asarar da aka riga aka biya ka.

Wannan fuska ta biyu ita ce ramin da masu sasanci ke tura mutane. Mu koma kan likitarmu. A ce a ofishin 'yan sanda ɗan kasuwan ya ba ta naira 500,000, aka rubuta cewa ta karɓa a matsayin cikakken sulhu, ba ta da sauran haƙƙi a kansa. Ba ta gaya wa kamfaninta ba, kamfani ya biya naira 3,800,000. Bayan wata biyu sashen dawo da kuɗi na kamfanin ya rubuta wa ɗan kasuwan wasiƙar neman biya, shi kuma ya aiko da hoton takardar sulhu. Kamfanin ba shi da wani haƙƙi na kansa a kan ɗan kasuwan, haƙƙin likitar kawai ya gada, ita kuma ta riga ta sayar da shi a kan rabin miliyan. To sai ya juyo kanta. Ta karɓi naira 4,300,000 a kan asarar naira 4,000,000, don haka aƙalla naira 300,000 ba nata ba ne ko ta wace fuska aka duba. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kamfanin na iya neman diyyar haƙƙin da ta lalata masa, wato abin da da zai iya karɓowa daga ɗan kasuwan ba don takardar ba. Da kuma kamfanin ya ga takardar kafin ya biya, yana da hujjar ƙin biya ko rage abin da zai biya, domin kusan kowace yarjejeniyar inshorar mota tana hana mai inshora amsa laifi ko yin sulhu ba da izinin kamfani ba. Dattawan da suka matsa mata ta sa hannu sun koma gidajensu da ladan sulhu, ita aka bari da wasiƙar lauya.

Ba ina cewa yafiya laifi ba ce. Likitar tana da cikakken ikon ta yafe, ta gyara motarta daga aljihunta, kada ta nemi komai daga kamfani. Wannan ita ce yafiyar da ke da tsada, shi ya sa take da daraja. Abin da ba ta da ikon yi shi ne ta yafe da baki ta kuma karɓa da hannu.

A ce kuma ba ta sa hannu a komai ba. Ta ɗauki hotunan motocin a inda suka tsaya, ta rubuta lambar jif ɗin da sunan kamfanin inshorarsa, ta samu rahoton 'yan sanda, ta sanar da kamfaninta cikin kwanakin da yarjejeniya ta ƙayyade. Bayan an biya ta, za a ba ta takarda ta sa hannu cewa ta karɓa, kuma ta amince kamfani ya bi mai ɓarna da sunanta. Kamfanin zai fara da inshorar ɗan kasuwan. Idan inshorar ɓangare na uku kawai yake da ita, wadda doka ta wajabta wa kowace mota, to tun daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta sa kuɗinta ga motar gida naira 15,000, kuma iyakar abin da take biya na ɓarnar dukiyar wani naira 3,000,000 ne. Kamfaninsa zai biya miliyan uku ya tsaya. Sauran miliyan ɗaya yana wuyan ɗan kasuwan da kansa, kuma ana iya kai shi kotu a kai. Masu ganin takardar naira 15,000 ta wanke su daga duk abin da za su yi a titi, su lura da wannan, musamman a zamanin da fitilar gaba ɗaya ta wasu motocin ta kai ɗaruruwan dubbai. Wanda ya sayi takardar bogi a bakin ofishin lasisi kuwa, miliyan huɗun gaba ɗaya nasa ne.

Idan aka je kotu, sunan likitar ne zai hau takardar ƙara a matsayin mai ƙara, ko da yake kamfani ne ke biyan lauya, shi ne kuma ke jan ragamar shari'ar. Wannan yana rikita mutane, har wasu su ƙi zuwa ba da shaida suna cewa su ai an biya su. Ba su da wannan zaɓi, domin taimaka wa kamfani a wannan ƙara yana cikin abin da suka amince da shi. Akwai kuma amfanin kansu a ciki. Naira 200,000 da likitar ta ɗauka, da kuɗin hayar motar da ta yi makonnin da tata take gareji, waɗanda inshorarta ba ta biya ba, duk a cikin wannan ƙarar ya kamata a nema. Ɓarnar mota ɗaya ƙara ɗaya ce. Idan ta yi gaban kanta ta shigar da ƙaramar ƙara a kan naira 200,000 kaɗai aka yanke hukunci, tana iya toshe wa kamfanin ƙofar miliyoyinsa, tunda ba a kai mutum ƙara sau biyu a kan abu guda.

Wa ke fara ɗiba idan abin da aka samo bai kai ba? A ce miliyan ukun nan kaɗai aka samu, ɗan kasuwan ya tsere ko ya karye. Majalisar Iyayengiji ta Ingila, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli a can, ta amsa irin wannan tambaya a ƙarshen 1992 a shari'ar Lord Napier da Hunter. Ta ce wanda ya amince ya ɗauki kason farko na asara, shi ne na ƙarshe da za a mayar wa. A wannan lissafi miliyan ukun duka na kamfani ne, kuma likitar ba za ta ga naira 200,000 ɗinta ba sai abin da aka samo ya haura naira 3,800,000. Hukuncin Ingila na 1992 bai ɗaure kotunan Nijeriya ba, suna dai sauraronsa a matsayin ra'ayi mai nauyi, kuma abin da aka rubuta a yarjejeniya na iya sauya rabon. Ni a ganina rabo gwargwadon abin da kowa ya ɗauka ya fi dacewa da mai mota ɗaya da ke fuskantar babban kamfani, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa dillalin inshora kafin a biya kuɗin shekara.

Abin da masu zargin zari ba su cika sani ba shi ne yawan shingayen da ke kewaye da wannan haƙƙi. Tunda gurbin likitar kamfanin ya shiga, duk wata hujja da ɗan kasuwan zai iya kare kansa da ita daga likitar, zai iya kare kansa da ita daga kamfanin. Idan ya tabbatar da cewa fitilun birkinta ba sa aiki, kotu ta ɗora mata kashi 25 cikin ɗari na laifin, diyyar ta sauko zuwa naira 3,000,000, kuma kamfanin ba zai samu fiye da haka ba. Idan babu mai laifi, kamar ambaliya ce ta ci motar, babu wanda za a bi. Kuma mutum ba ya kai kansa ƙara. A shari'ar Simpson da Thomson ta 1877 jiragen ruwa biyu suka yi karo, ɗaya ya nutse, sai ga shi dukansu na mutum ɗaya ne. Masu inshorar wanda ya nutse suka biya, suka nemi su bi mai jirgin da ya yi laifi, kotu ta ce ba hanya, domin shi ne mutumin da suke tsaye a gurbinsa.

Kamfanin kuma ba ya cin riba. Wani jirgin ruwa da aka yi wa inshora a kan fam 72,000 ya yi karo da jirgin gwamnatin Kanada, kamfani ya biya. Kafin a karɓo diyya daga Kanada aka karya darajar fam a 1949, sai dalolin Kanada da aka biya suka zama kusan fam 127,000. Kamfanin ya ce duka nasa ne. A shari'ar Yorkshire Insurance da Nisbet Shipping kotu ta ce fam 72,000 ya biya, fam 72,000 zai karɓa, rarar ta mai jirgi ce. Ga mai shigo da kaya a ƙasar da darajar kuɗinta ke zamewa, wanda aka biya shi da naira alhali diyyar da za a karɓo daga kamfanin jiragen ruwa da dala take, wannan hukunci ya wuce labarin tarihi.

Inshorar rai kuwa ba ta shiga wannan babi ko kaɗan. Rai ba shi da farashin da za a ce an mayar da shi cif, don haka iyalan wanda mota ta kashe suna karɓar kuɗin inshorar ransa, kuma wannan bai hana su bin direban ba. Kamfanin ba shi da gurbin da zai shiga.

Duk da haka akwai wurin da masu suka suke da gaskiya, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wani direban babbar mota a Ingila yana ja da baya a wani fili, ya buge abokin aikinsa, wanda mahaifinsa ne. Uban ya nemi diyya daga kamfanin da suke yi wa aiki, inshorar kamfanin ta biya, sannan ta juya ta kai ɗan ƙara da sunan kamfanin, ba tare da ta nemi ra'ayin kamfanin ba. A shari'ar Lister da Romford Ice, wadda aka yanke a ƙarshen 1956, alƙalai uku cikin biyar suka ba masu inshora gaskiya. Ta fuskar ƙa'ida lissafin ya yi daidai. Ta fuskar hankali kuwa abin da aka ba gidan da hannun dama aka karɓe da hagu, daga ma'aikacin da inshorar ta kamata ta zama rufin asirinsa. Surutun da ya biyo baya ya sa kamfanonin inshora na Birtaniya suka yi alkawari a tsakaninsu cewa ba za su riƙa bin ma'aikata a irin wannan hali ba, sai inda aka yi ganganci da gangan ko haɗin baki. Ostireliya ta sa irin wannan kariya ga ma'aikata da 'yan'uwa a dokarta ta yarjejeniyar inshora ta 1984, dokar Jamus ma tana kare waɗanda ke zaune gida ɗaya da mai inshora. Wannan shi ne gyaran da ya dace: a toshe ƙofar da ke kaiwa ga direban gida da ɗa da mata, a bar wadda ke kaiwa ga baƙon da ya yi sakaci. Duk mai kamfanin da ke da direbobi ya kamata ya nemi a rubuta masa wannan sassauci a yarjejeniyarsa, kamar yadda masu gida da 'yan haya, ko masu gini da 'yan kwangila, kan rubuta tun farko cewa inshorar ɗaya ba za ta bi ɗayan ba.

Suka ta biyu ta fi wayo. Masu ita suna cewa a mafi yawan lokuta mai ɓarnar ma yana da inshora, don haka kuɗi ne kawai ke yawo daga wannan kamfani zuwa wancan, lauyoyi suna gutsura a hanya. A ƙananan haɗuran mota akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa a wasu kasuwanni kamfanoni suka taɓa yin yarjejeniyar kowa ya gyara ta mutuminsa. Amma ko a nan yawon kuɗin yana da aiki, domin shi ke sa tarihin ɓarna ya hau kan wanda ya yi ta, kuɗin inshorarsa ya tashi, na wanda aka daka ya zauna inda yake. Idan ɓarnar ta yi girma kuwa sukar ba ta tsayuwa. A watan Nuwamba na 2018 wata tsohuwar wayar wutar lantarki ta kamfanin PG&E ta tayar da gobarar daji a Kaliforniya, wadda ta cinye garin Paradise, mutum 85 suka mutu. Kamfanonin inshora suka biya masu gidaje, sannan suka bi PG&E, wanda a watan Satumba na 2019 ya amince ya biya su dala biliyan 11 a kan gobarorin 2017 da 2018. Ba don maye gurbi ba, da wannan kuɗi ya watsu a kan masu gidajen da ba su da hannu a komai, kamfanin lantarkin kuma ya koyi cewa ƙin gyara wayoyi ba shi da tsada. Gaskiya ne rabon ya bar ɗaci, domin masu inshora kuɗi hannu suka samu, su kuwa mutanen da gobarar ta shafa, kusan rabin asusun dala biliyan 13.5 da aka ware musu hannun jarin kamfanin ne. Wannan aibi ne na tsarin wa ke fara ɗiba idan mai laifi ya karye, irin tambayar da muka gani a naira 200,000 ɗin likita, kuma a can ya kamata a yi gyaran.

Saura magana ɗaya, ta lokaci, kuma a nan jinkirin mai inshora kan kashe haƙƙin ba tare da ya sa hannu a komai ba. Wa'adin shigar da ƙara yana fara ƙirguwa ne daga ranar haɗari, kuma biyan da kamfani ya yi daga baya ba ya sabunta shi. A ƙarar sakaci ta yau da kullum wa'adin shekaru ne, gwargwadon dokar kowace jiha, don haka akwai sarari. Amma idan motar hukuma ce ta dake ka tana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati ta tarayya wata uku kacal ta bayar. Idan kaya ne suka lalace a jirgin ruwa, ƙa'idojin Hague shekara ɗaya suka bayar daga ranar da aka miƙa kayan ko ranar da ya kamata a miƙa su. Ɗan kasuwan da kwantenarsa ta iso Apapa da kaya a jiƙe, ya karɓa ya sa hannu cewa lafiya suke, ya yi wata goma sha ɗaya yana kai da kawo kafin ya kammala takardunsa, ya bar wa kamfanin inshorarsa wata ɗaya da takardar da ke ƙaryata shi. Abin da ake so shi ne ya rubuta ɓarnar a kan takardar karɓar kaya tun a wurin, ya aika wa kamfanin jirgin wasiƙar ɗora alhaki nan take, ko cikin kwana uku idan ɓarnar ba ta fito fili ba sai da aka buɗe, sannan ya kira mai tantancewa kafin a taɓa kayan.